Motar da Ta Rage Nauyi a Duniyar Wata, Alhali Ko Noti Ba a Kwance Mata Ba

A ƙarshen watan Yuli na 1971, kumbon Apollo 15 ya sauke David Scott da James Irwin a duniyar wata, tare da wata 'yar mota mai aiki da batir. A nan ƙasa kilo 210 ce. Amma da za a kai sikeli mai sifirin can a ɗora ta, kimanin kilo 35 kacal allurar za ta nuna. To ina sauran suka shiga?

Babu inda suka shiga. Rikicin daga bakinmu yake, domin da kalma ɗaya, nauyi, muke kiran abubuwa biyu. Na farko shi ne yawan abin da ke jikin motar, wato ƙarfenta da batir da tayoyi. Masana fiziks suna ce masa mas, kuma shi ake aunawa da kilo. Na biyu shi ne ƙarfin da duniya ke jawo motar da shi zuwa ƙasa. Wannan ne nauyi na gaskiya a wurinsu, ma'auninsa kuwa niyuton ne.

Lissafin ba wuya: `W = m × g`. Ana ninka mas da ƙarfin jan wurin da ake. A doron ƙasa `g` kusan 9.8 ne, don haka nauyin motar niyuton 2,058 ne. A wata kuwa kusan 1.62 ne, sai nauyin ya dawo niyuton 340, wato kashi ɗaya cikin shida. Ba ma sai an je wata ba. Nisa kaɗai yana rage jan: da za a ɗaga motar kilomita 6,370 sama, nisanta daga tsakiyar duniya ya ninka ke nan, sai jan ya koma rubu'i.

Sikelin sifirin ba mas yake ji ba. Ja yake ji, an dai rubuta masa lambobin kilo ne bisa jan duniyarmu, shi ya sa yake yin ƙarya da zarar an raba shi da gida. Ma'auni mai faranti biyu bai da wannan aibi. A sa motar a gefe ɗaya, duwatsun awo na kilo 210 a ɗayan, za su daidaita a wata kamar yadda suka daidaita a nan, tunda duka biyun ja ɗaya ke aiki a kansu.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne batun birki. Ɗaga motar a wata ya yi sauƙi ninki shida, amma tsayar da ita tana cikin gudu yana neman ƙarfin da zai nema a nan, domin mas ne ke gardama da tashi da tsayawa. Ga shi kuma tayoyin ba su danne ƙasa sosai ba, balle su kama ta da kyau.

Scott da Irwin sun baro motar a can. Har yau kilo 210 ce.