Ayarin Tirela a Kwamfuta: Yadda Ake Kafa Saba Don Abokai a Wasan Euro Truck Simulator 2

Kamfanin SCS Software da ke birnin Prague na ƙasar Czech ya fitar da wasan Euro Truck Simulator 2 a shekarar 2012. Wasa ne na tuƙa tirela ana dakon kaya tsakanin biranen Turai. A 2021 kamfanin ya ƙara masa tsarin Convoy, inda mutum takwas ke iya shiga hanya ɗaya, kowa da motarsa. Sai dai tsarin yana da tangarɗa: ɗaya daga cikin 'yan wasan ne ke riƙe da zaman a kwamfutarsa, don haka ayarin yana rataye ne da lokacinsa da wutarsa da intanet ɗinsa. Maganin wannan ya zo a ƙarshen 2022, lokacin da aka fitar da saba mai zaman kanta, wato manhajar da ke ci gaba da aiki ko da babu kowa a kan hanya.

A ce abokai biyar ne ke son tuƙi tare bayan sallar isha'i, kuma ɗayansu yana da tsohuwar kwamfuta a ajiye. Ta wadatar, domin saba ba ta zana hoto, ba ta buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Bukatarta wuta ce da intanet mara yankewa. Kowane ɗan wasa sai ya mallaki wasan a Steam, amma ita manhajar sabar kyauta ce. Ana samun ta a Library ƙarƙashin Tools da sunan Euro Truck Simulator 2 Dedicated Server.

Abin da ya fi muhimmanci a gane shi ne, saba ba ta zuwa da taswira. Ba ta san hanyar Berlin ba, ba ta san ta Paris ba, sai abin da aka ba ta. Daga cikin wasan ake ciro mata bayanan, kuma a nan ne yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Da farko a rufe wasan, a shiga folda ɗin `Documents\Euro Truck Simulator 2`, a buɗe fayil ɗin `config.cfg` da Notepad, a mayar da layuka biyun nan haka:

```
uset g_developer "1"
uset g_console "1"
```

Sannan a buɗe wasan, a shiga har sai mota ta hau titi, domin dole ne taswira ta gama lodi tukuna. A danna maɓallin `~` da ke ƙasan Esc, akwatin rubuta umarni zai fito, a rubuta:

```
export_server_packages
```

Fayil biyu za su bayyana a wancan folda: `server_packages.sii` da `server_packages.dat`. Su ne ake kwafa a kai folda mai suna iri ɗaya a kwamfutar da za ta riƙe saba. Idan babu su, saba za ta buɗe ta sake rufewa nan take.

Kafin a ciro waɗannan fayiloli, sai abokai sun zauna sun yi magana. Duk abin da mai cirowa ya kunna a wasansa shi ne zai shiga cikinsu, har da ƙarin taswirorin da ake saya daban, waɗanda Steam ke kira DLC. A ce uku daga cikin biyar ɗin sun sayi Scandinavia da Iberia, biyu kuma taswirar asali kawai gare su. Idan mai Iberia ne ya ciro fayilolin, an gina saba a kan abin da mutum biyu ba su da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce wanda ba shi da ƙari ya ciro su, sauran ukun kuma su cire alamar waɗannan taswirori a Properties na wasan a Steam kafin su shiga. Haka batun yake ga gyare-gyaren da ake kunnawa a Mod Manager: a bar su gefe a ranar farko, sai komai ya zauna a riƙa ƙara su ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai a tayar da saba ta hanyar `eurotrucks2_server.exe` da ke cikin `bin\win_x64`. Ita da kanta za ta ƙirƙiri fayil ɗin `server_config.sii`. A rufe ta, a buɗe shi, a gyara waɗannan:

```
lobby_name: "Ayarin Dare"
password: "kalmarku"
max_players: 8
player_damage: false
traffic: true
```

Kalmar sirri ita ke hana baƙi kutsowa. Shi kuma `player_damage`, idan aka kashe shi, mota ba za ta lalace ba idan aboki ya buge ta. Wannan yana da amfani idan akwai mai raunin intanet, domin motarsa kan yi tsalle-tsalle a allon sauran, ta daki wadda ke gabanta ba da gangan ba.

Saura yadda abokai za su gano sabar. Idan ta tashi lafiya, baƙin allonta zai nuna wata doguwar lamba a layin `Session search id`, kuma tana nan a cikin `server.log.txt`. Mai son shiga ya buɗe Convoy, ya liƙa lambar a wurin bincike. Kada hankali ya tashi idan sunan sabar bai fito a jerin gama-gari ba. Kafin ya fito sai an buɗe ƙofofi biyu a rauta, 27015 da 27016, na TCP da UDP. Mai amfani da datar layin waya galibi ba zai iya ba, saboda kamfanonin waya kan haɗa dubban mutane a kan adireshin intanet guda, ƙofar ba a hannunsa take ba. Abin daɗin shi ne bincike da lamba yana aiki duk da haka, kuma shi kaɗai ya ishi abokai biyar.

Matsalar lambar ita ce tana sauyawa duk lokacin da aka sake tayar da saba. A inda ake yawan ɗauke wuta, hakan na nufin aika sabuwar lamba kullum. Don a tsayar da ita, mai sabar ya shiga `steamcommunity.com/dev/managegameservers`, ya rubuta lambar wasan, 227300, ya karɓi mabuɗin da za a ba shi, ya liƙa shi a layin `server_logon_token`. Daga ranar lambar ta zauna. Mabuɗin sirri ne, ba a tura shi a zauren hira.

Akwai ranar da komai zai tsaya ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ranar ce SCS ta fitar da sabuntawa. Steam zai sabunta wasan kowa, sabar kuma tana nan a tsohon zubi, sai a kasa shiga. Gyaran matakai uku ne: a sabunta manhajar sabar, a sake ciro fayiloli biyun nan, a ɗora su a kan tsofaffin. Haka za a yi duk lokacin da aka ƙara taswira ko aka cire.

Idan kashe wuta ya yi yawa, ana iya hayar kwamfuta ta intanet a biya duk wata, domin sabar tana aiki a Linux ma. Amma kada a kashe kuɗi tun farko. A gwada a gida da mutum biyu a taswirar asali, in an shiga an ga juna a kan titi, sai a gayyato sauran. Duk ranar da aka kasa shiga, a fara karanta layukan ƙarshe na `server.log.txt` kafin a ɗora laifi a kan intanet.