Rabon ɗalibai a ɗakunan jarrabawa (lissafi)

Rabon ɗalibai a ɗakunan jarrabawa wata matsala ce ta lissafin rabawa, wadda ake amfani da ita wajen nuna cewa wani lokaci dole ne a ɗaga amsa zuwa cikakkiyar lamba ta gaba. Tambayar ita ce: idan makaranta tana da ɗalibai 230, kuma ba a yarda ɗaki ɗaya ya ɗauki fiye da 40 ba, ɗaki nawa ake buƙata? Amsar ita ce ɗaki 6.

Yadda ake lissafin

Idan aka raba 230 da 40, ana samun 5, saura 30. Wato ɗaki biyar za su cika da ɗalibai 200, a bar ɗalibai 30 ba su da wurin zama. A na'urar lissafi amsar tana fitowa 5.75, amma ba a buɗe wani yanki na ɗaki a bar sauran. Ko dai a buɗe ɗaki na shida, ko kuma mutum 30 su rasa jarrabawa. Idan aka dage a kan ɗaki biyar, kowane ɗaki zai ɗauki ɗalibai 46, wanda ya zarce ƙa'ida da mutum shida.

Ɗaki shida suna da kujeru 240, saboda haka kujeru 10 za su zauna babu kowa. Ana iya cika ɗaki biyar a sa 30 a na ƙarshe. Ana kuma iya daidaita rabon: ɗaki huɗu su ɗauki 38 kowanne, biyu su ɗauki 39 kowanne. Duk wanda aka bi, yawan ɗakunan bai canza ba.

Dalilin ɗaga amsar

A makaranta ana koyar da cewa idan abin da ke bayan ɗigo ya kai rabi sai a ɗaga lambar, idan bai kai ba sai a sauke ta. Wannan dokar ta mayar da 5.75 zuwa 6, amma dacewa ce kawai aka yi, domin ba ita ce ke aiki a nan ba. Da ɗaliban 210 ne, rabawar za ta ba da 5.25. Lamba mafi kusa ita ce 5, alhali ɗalibai 10 suna nan tsaye a waje. Ko da mutum ɗaya ne ya rage, kamar a ce ɗalibai 201, sai an buɗe masa ɗaki. Don haka duk adadin da ya kama daga 201 zuwa 240 ɗaki shida yake buƙata.

Abin da ke jawo haka shi ne sharaɗi biyu da ke cikin tambayar: kowane ɗalibi sai ya zauna, kuma babu ɗakin da zai wuce 40. Idan aka canza tambayar zuwa "ɗaki nawa ne za su iya cika maƙil?", amsar ta koma 5, domin a nan sauran ba ya shiga ƙirge.

Alama da dabara

Masana lissafi suna rubuta wannan ɗagawar da alamar ⌈ ⌉, wadda Kenneth Iverson ya fito da ita a shekarar 1962. Ma'anarta ita ce mafi ƙanƙantar cikakkiyar lamba da ba ta gaza abin da ke ciki ba:

⌈230 ÷ 40⌉ = 6

A manhajar Excel kuwa ana rubuta:

```
=ROUNDUP(230/40,0)
```

Kurakuran da ake yi

Kuskure na farko shi ne watsar da saura, a tsaya a kan 5. Na biyu shi ne ƙara ɗaya a kowane lokaci. Idan ɗaliban 240 ne, rabawar ta ba da 6 daidai babu saura, kuma ɗaki na bakwai zai zama asarar wuri da ta mai kula da jarrabawa. Hanyar gwada amsa ita ce a ninka ta sau 40 a ga ko ta ɗauke kowa, sannan a rage ɗaki ɗaya a ga ko ta gaza. A nan 6 × 40 = 240 ya isa, 5 × 40 = 200 bai isa ba.

Iyakar dabarar

Lissafin yana aiki ne idan ɗakunan girmansu ɗaya kuma ana iya haɗa kowa da kowa. Idan an hana haɗa rukuni biyu a ɗaki ɗaya, sai a lissafa kowane rukuni daban. Misali, ɗaliban kimiyya 125 suna buƙatar ɗaki 4, sauran 105 kuma ɗaki 3. Jimillar ɗaliban har yanzu 230 ce, amma ɗakunan sun zama 7.