Ginin Shekara Uku, Ribar Wace Shekara?

Mai kantin siminti ba ya wahala wajen sanin cinikinsa: buhu ya fita, kuɗi sun shigo, an gama. Ɗan kwangilar da ya karɓi aikin da zai ci shekara uku kuwa, lissafinsa daban ne. Duk ƙarshen shekara sai kamfaninsa ya rufe littafi, domin masu hannun jari da banki da hukumar haraji suna jiran jin abin da aka samu, alhali ginin bai wuce linta ba. To nawa zai ce ya samu?

Idan ya jira ranar miƙa makulli, littafinsa zai nuna shekara biyu ba ciniki, ta uku kuma ta kumbura, ko da yake lebura da magina sun yi gumi a dukkansu. Idan kuma ya bi kuɗin da suka faɗo asusunsa, nan ma ya kauce, don kuɗin kafin alƙalami kan zo tun ba a haƙa harsashi ba, wani biyan kuma sai an yi wata shida ana zarya. Shi ya sa akantoci suka tsaya a kan hanya ta uku: a rubuta kuɗin shiga gwargwadon inda aikin ya kai.

Ƙa'idar da ke tafiyar da wannan a yau ita ce IFRS 15, wadda aka fitar a 2014, ta fara aiki a Janairun 2018, ta maye gurbin IAS 11. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Nijeriya sun koma bin ƙa'idojin IFRS tun 2012, don haka ta shafe su. Ba kowace kwangila take ba wa wannan dama ba, sai wadda ta cika sharaɗi. Wanda ya fi shafar magina shi ne a ce mai aikin ne ke mallakar abin da ake ginawa tun ana cikin ginawa, kamar ginin da ake ɗorawa a kan filinsa.

A ɗauka wani kamfani ya karɓi kwangilar gina ɗakunan kwanan ɗalibai a kan naira miliyan 1,000, ya kuma ƙiyasta zai kashe miliyan 800. Ribar da yake hange miliyan 200 ke nan. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne a raba abin da aka kashe zuwa yau da jimillar abin da ake sa ran kashewa.

A shekarar farko an kashe miliyan 200. Wannan kashi 25 cikin ɗari ne na miliyan 800, saboda haka kamfanin zai rubuta kashi 25 na kuɗin kwangilar, wato miliyan 250. A cire abin da aka kashe, riba ta tsaya miliyan 50. Ko da mai aikin ya riga ya biya miliyan 300, lissafin bai canja ba. Rarar miliyan 50 ɗin nauyi ce a wuyan kamfanin, bashin aiki ne da bai yi ba tukuna, kuma haka za a rubuta ta.

Shekara ta biyu ce ke da darasi. Siminti da rodi sun tashi, kamar yadda magina suka gani bayan faɗuwar darajar naira a 2023, kuma kwangilar ba ta da sharaɗin ƙarin kuɗi. Abin da aka kashe tun farko ya kai miliyan 540, sabon ƙiyasi kuma ya nuna sai an kashe miliyan 900 kafin a gama. Aiki ya kai kashi 60 ke nan, wato miliyan 600 na kuɗin kwangilar. An riga an rubuta 250 a bara, saura 350 na bana. Bana kuwa an kashe miliyan 340, don haka riba miliyan 10 ce kacal. Ba a komawa a goge littafin bara, shekarar da aka gano canjin ita ke ɗaukar gyaran. A shekara ta uku za a rubuta ragowar miliyan 400, a kashe 360, a ci ribar 40. Hamsin da goma da arba'in sun ba da miliyan 100, daidai da ainihin ribar aikin.

Yanzu a lura da inda gizo ke saƙa. Abin da aka kashe yana da rasit. Abin da ya rage a kashe kuwa hasashe ne, kuma shugabannin kamfanin ne ke yin sa. Da manajan ya ƙi taɓa tsohon ƙiyasin miliyan 800, da aikin ya nuna kashi 67 da rabi, ribar shekara ta biyu ta tashi daga miliyan 10 zuwa 85, ba tare da an ƙara ɗora bulo ko ɗaya ba. Ƙaryar ba za ta fito ba sai shekarar ƙarshe, lokacin an daɗe da raba riba.

Akwai kuma dabarar cika fili da kaya. Kamfani ya sayo rodin miliyan 80 ana saura mako guda shekara ta ƙare, ya jibge shi gefen ginin, ya sa kuɗin cikin abin da aka kashe. A takarda aiki ya yi gaba, a ƙasa yana nan inda yake. Ƙa'ida ta ce kuɗin da ba ya nuna ci gaban aiki ba ya shiga ma'auni. Haka nan idan an zuba kankaren bene ya tsage aka fasa aka sake, kuɗin ɓarnar asara ce ta nan take, ba ta ƙara wa aikin kashi ko ɗaya.

Idan ƙiyasi ya nuna kwangilar gaba ɗaya faɗuwa za ta yi, to ba a raba asara shekara-shekara yadda ake raba riba. A misalinmu, da sabon ƙiyasin ya kai miliyan 1,050, asarar miliyan 50 ce ke tafe, kuma dole a rubuta ta duka nan take. Tun da an riga an nuna ribar 50 a bara, littafin shekara ta biyu zai nuna faɗuwar miliyan 100. Irin wannan labari ne shugabanni ke jan ƙafa wajen faɗa. Katafaren kamfanin gine-ginen Birtaniya, Carillion, ya sanar a watan Yulin 2017 cewa zai zaftare fam miliyan 845 daga darajar kwangilolinsa. Zuwa Janairun 2018 ya durƙushe.

Mai karanta rahoton kamfanin gini yana da abubuwan da zai duba. Na farko, ya kwatanta riba da tsabar kuɗin da aiki ya shigo da su. Idan shekara da shekaru riba na hawa amma aljihu na bushewa, akwai magana. Na biyu, ya dubi adadin aikin da kamfanin ya ce ya yi amma bai kai ga neman biyansa ba. Idan wannan adadi yana girma fiye da cinikin kansa, wataƙila kamfanin na ƙirga abin da mai aikin bai amince da shi ba, kamar kuɗin ƙarin aikin da ake jayayya a kai. IFRS 15 ba ta yarda a rubuta irin wannan kuɗi ba sai akwai ƙwaƙƙwaran tabbacin cewa ba za a dawo a soke shi ba.

Shi ya sa ƙwararren odita ba ya tsayawa a ofis. Yakan ɗauki takardar shaidar da injiniyan mai aikin ya sa wa hannu, ya je wurin ginin, ya gwada ta da abin da littafi ya ce. Idan littafi ya ce kashi 60 amma bene uku ake nema kuma ba a rufe na farko ba, sai ya nemi a kawo masa ƙiyasin abin da ya rage, layi-layi, da farashin siminti na wannan watan.