Maɓallai Uku Da Ke Rikita Baƙon Kwamfutar Mac

Duk akawun da hannunsa ya saba da kwamfutar Windows, ran da aka ajiye masa Mac a gabansa sai ya ga kamar an mai da shi ɗan koyo. Haruffa suna nan inda ya san su, amma in ya danna Control da C don ya kwafi rubutu, a yawancin manhajoji babu abin da zai faru. Injin lafiyarsa lau. Abin da ya bambanta shi ne rabon aiki tsakanin maɓallai uku da ke layin ƙasa, hagu da dogon maɓallin ba da tazara.

Babbansu shi ne Command, mai alamar ⌘, wanda ke manne da dogon maɓallin. Susan Kare ce ta zaɓo wannan alama domin Macintosh ta farko da ta fito a 1984, kuma asalinta alama ce da ake sawa a ƙasar Suwidin don nuna wuraren tarihi. Kusan duk aikin da Ctrl ke yi a Windows, Command ne ke yin sa a nan. Command+C ke kwafa, Command+V ke liƙawa, Command+S ke adanawa, Command+Z kuma ya warware abin da aka yi. Harafin bai sake ba, yatsa ne ya sake, domin a Windows ɗan ƙaramin yatsa ke zuwa kusurwa, a Mac kuwa babban yatsa ne ke lanƙwasowa ciki.

To, shi Control fa? Yana nan, amma hidimarsa dabam ce. In aka riƙe shi aka danna linzami, sai ya buɗe jerin umarnin da dannawar dama ke buɗewa a Windows. A manhajar TextEdit, wanda ya danna Control+A da nufin ya zaɓi rubutu duka, sai ya ga alamar rubutu ta koma farkon layi kawai. Wannan ita ce shaidar cewa yatsa ya sauka a inda ba nan ba ne.

Na ukunsu Option, mai alamar ⌥, shi ne takwaran Alt. Yawanci aikinsa shi ne sauya ma'anar wani umarni, kuma a nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe.

A ɗauki misalin ma'aikacin da yake so ya ɗauke fayil daga wata folda ya mai da shi wata. A Windows zai yanke da Ctrl+X, ya liƙa da Ctrl+V. A Finder, wato ma'ajiyar fayilolin Mac, Command+X ba ya yanke fayil, ko da yake yana yanke rubutu. Hanyar ita ce ya zaɓi fayil ɗin ya danna Command+C, ya shiga foldar da yake nufi, sa'an nan ya danna Option+Command+V. A lokacin ne fayil zai bar mazauninsa na farko. In ya manta da Option, kwafi biyu zai samu, kuma ba wuya gobe ya gyara ɗaya ya aika wa maigidansa ɗayan. Saboda haka ya kamata ya koma tsohuwar foldar ya duba. In fayil yana nan, kwafa ya yi.

Akwai kuma maƙwabta biyu da ke bukatar hattara. Command+W taga ɗaya yake rufewa, Command+Q kuwa manhajar yake kashewa ɗungurungum, ga shi W da Q kafaɗa da kafaɗa suke. In manhaja ta daskare, kada a nemi Ctrl+Alt+Delete. Option+Command+Esc shi ke fito da akwatin Force Quit, sai dai a sani duk aikin da ba a adana ba yana iya salwanta.

Wanda ya jona kibod ɗin Windows a jikin Mac zai tarar maɓallin Windows ya zama Command, Alt ya zama Option, wato sun yi musayar wuri in aka gwada da tsarin Mac. Tun daga macOS Ventura ta 2022, ana gyara wannan ta shiga System Settings, sai Keyboard, sai Keyboard Shortcuts, sai Modifier Keys. A can ma ana iya musanya Control da Command baki ɗaya. Amma mai aiki da Terminal ya yi tunani kafin ya yi haka, domin a can Control+C ne ke tsayar da umarnin da ke gudana, kuma in an yi musaya, shi ma zai ƙaura zuwa wani yatsan.