Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa idan igiyar motsi ta ratsa abu, ƙarfi ne ke tafiya, abin kuwa yana nan a wurinsa? Ku ɗaure igiyar shanya a jikin bishiya, ku riƙa kaɗa ɗaya bakin sama da ƙasa. Tudu da kwari za su ruga zuwa bishiyar, amma ƙyallen da kuka ƙulla a tsakiya hawa da sauka kawai zai riƙa yi. Wannan shi ne motsin gicciye, domin rawar igiyar tana gitta hanyar tafiyar.

Sauti ba haka yake ba. Idan makaɗi ya bugi ganga, fatar tana tura iska gaba, ta dawo baya. Iskar sai ta matse a nan, ta sake a can, a kan layin da sautin ke bi har kunne, da gudun kusan mita 340 a daƙiƙa. Wannan motsin tsawo ke nan. Ɗalibai kan ruɗe saboda ana zana sauti da tudu da kwari, alhali tudun matsewar iska yake nunawa.