Soyayya tsakanin Figil da Mubi: abin da layin jadawali ke iya faɗa

Figil gari ne na bakin hanya, a kan titin da ya tashi daga Garwa ya nufi Marwa, kuma ƙurar masana'antar siminti ce ke fara yi wa baƙo maraba. Ta gabas Lere ce a Chadi, ta yamma kuma in an bi ta Gidar za a faɗa Mubi a jihar Adamawa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga budurwa a Figil, wanda zai aure ta yana neman abinci a Najeriya, ko matar aure a nan, maigida a can. Tambayar da iyaye ke yi ɗaya ce: abin nan zai ɗore kuwa? Alƙaluma ba su san gaibu ba, amma akwai layi biyu da in aka zana su a takarda za su nuna inda zaman ya dosa.

Na farko kuɗi ne, kuma a nan aka fi yin kuskure, domin mai aikawa da naira yake lissafi, mai karɓa kuwa da sefa take cefane. Tun 1999 sefa ke ɗaure da yuro a kan farashi guda, sefa 655.957 a yuro ɗaya. Naira ba ta da wannan turke. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sake ta, dala ta tashi daga kusan naira 460 a hukumance zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, sannan a 2024 ta haura 1,500. Duk lokacin da naira ta faɗi a gaban dala da yuro, ta faɗi ke nan a gaban sefa.

A ce wani saurayi a Mubi yana aiko wa iyalinsa naira 50,000 duk wata. A farkon 2023, a hannun 'yan canji, sefa 1,000 tana kusan naira 1,200, wato aiken nasa ya kai sefa 40,000 ko ɗan sama. A ƙarshen 2024 sefa 1,000 ta kai wajen naira 2,600, sai naira 50,000 ɗin ta dawo sefa 19,000. A ce ya ga halin da ake ciki ya ƙara zuwa naira 80,000. A littafinsa layin ya hau da kashi 60 cikin ɗari, yana ganin ya yi bajinta, kuma ya yi ɗin. A littafinta kuwa sefa 31,000 ce ta shigo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya zube. Shi ya ce ba ta da godiya, ita ta ce ya fara juya baya, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. In aka zana layin biyu a takarda guda, watanni a kwance, kuɗi a tsaye, za a ga ɗaya na hawa ɗaya na gangara, a gane cewa canji ne ya ci kuɗin.

Mafi ƙarancin albashi ma haka ya nuna. Naira 30,000 da Najeriya ta tsayar a 2019 ta kai kusan sefa 49,000 a lokacin. Naira 70,000 da aka amince da ita a Yulin 2024 ba ta wuce sefa 27,000 ba a ƙarshen shekarar. A Kamaru kuwa, tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashin yawancin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu sefa 60,000 ne. Wannan ya kamata ya sa a sake tunani kan wanda zai koma wurin wani. Da can ana ɗauka amarya ce za ta bi miji Najeriya; yau lissafin kan iya cewa shi ne ya kamata ya nemi abin yi a Garwa ko Figil.

Layi na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin ziyara da ziyara. Ba yawan kira ko saƙo nake nufi ba. Waɗannan suna da arha, ga shi Kamaru da Najeriya da Chadi agogonsu ɗaya ne, don haka mutum na iya kira kullum dare alhali ya daina niyyar zuwa. Ziyara ce ke cin kuɗin mota, da ranakun aiki, da wahalar shingaye, shi ya sa ta fi faɗin gaskiya. A rubuta watannin da suka shige tsakanin kowace zuwa da ta bayanta. A ce an samu wata 2, sai 3, sai 5, sai 8. Matsakaicinsu wata huɗu da rabi ne, adadin da ba zai tayar wa kowa da hankali ba. Amma in aka jera su sanda-sanda, kowace ta fi ta bayanta tsawo, kuma wannan matakalar ita ce abin dubawa. Wasu ma'auratan da tazararsu ke 5, 4, 5, 4 matsakaicinsu daidai yake da na farkon, amma zamansu a tsaye yake.

Sai dai kafin a ɗora wa mutum laifi, a ja layi a kan watannin da ba shi da iko a kansu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Kamaru ta rufe nata a Maris 2020 saboda korona. A Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi kanta. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar fetur a Najeriya ta ninka fiye da sau biyu nan take, kuɗin mota ya bi ta. Haka nan damina, daga Yuli zuwa Satumba, kan lalata hanyoyin bakin iyaka. Doguwar sanda a irin waɗannan watanni tana da uzuri karɓaɓɓe. Wadda ta yi tsawo alhali hanya a buɗe take, aljihu bai canza ba, ita ke buƙatar a zauna a yi magana. Musulunci ma bai bar nisa babu awo ba: wata huɗu aka ɗibar wa wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa.

Akwai wani adadi da ke yawo, wai kashi ɗaya cikin uku na masoyan nesa suna rabuwa da zarar sun haɗu. Tushensa binciken Laura Stafford da abokan aikinta ne na 2006, inda suka ga kusan sulusin waɗanda suka dawo gari ɗaya sun rabu cikin wata uku. Amma ɗaliban jami'a ne a Amurka, samari da 'yan mata, babu sadaki, babu waliyyi, babu 'ya'ya. Ɗaukar wannan sulusin a liƙa wa 'yar Figil zalunci ne. Abin da ya dace a ɗauka daga ciki shi ne cewa watannin farko na zama tare suna da nasu haɗarin, domin nisa kan ɓoye halin mutum. Haka kuma kada a ruɗu da ƙirgen unguwa, a ce ai wance da wance sun yi kuma sun zauna lafiya. Waɗanda nasu ya watse ba a tuna su a lissafi, tunda sun auri wasu an manta.

A ganina, in layin sefa ya faɗi saboda canji amma ziyara ba ta ja baya ba, zaman na da ƙarfi, kuɗin ne ke buƙatar gyara, ko a daidaita kan adadin sefa maimakon naira. In kuwa kuɗi na zuwa cif amma tazara na ƙaruwa, ba a kuma sa ranar tarewa ba, to akwai matsala ko da kira bai yanke ba. Waliyyan da ke shirin ba da 'ya ƙetaren iyaka, ku tambayi mai nema abu biyu tun kafin a karɓi goro: sefa nawa za ta riƙa isa hannunta duk wata, kuma a wane wata ne na wace shekara za su zauna gida ɗaya.