Ko Kun Sani?

Mai ɗauke da filashi mai manhajar Linux a ciki zai iya karanta fayilolin kwamfutar ofis, muddin ba a rufe faifanta da BitLocker ba, ko da bai san kalmar sirrin Windows ba. A kwamfutar Dell, F12 kawai zai danna wajen kunnawa, ya zaɓi filashinsa.

Maganin yana cikin BIOS. Mai kula da na'urar ya danna F2, ya sa kalmar sirri a Admin Password, ya ɗora faifan ciki a farkon Boot Sequence. Amma jerin kaɗai bai isa ba, sai an kashe tashi daga USB. A tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa kuwa, wata 'yar mahaɗa da ke kan allon ciki tana goge kalmar, don haka akwatin ma yana buƙatar kwaɗo.